An Sayar da Kujerarsa, Sannan Aka Ce Ya Makara

Kamfanin jirgin saman da ya sayar da tikiti 150 a jirgi mai kujera 140 ya san abin da ya aikata tun kafin gari ya waye. Ba na'ura ce ta ruɗe ba, ba kuma yarinyar da ke zaune a kan kanta ce ta yi kuskure ba. Lissafi ne aka zauna a ofis aka yi, manya suka amince da shi.

Ga yadda lissafin yake. A kowace tafiya akan sami waɗanda suka sayi tikiti amma ba su zo ba. Wani rashin lafiya ta kama shi, wani cunkoson hanya ya riƙe shi, wani kuma ya fasa. Kamfani yana da tarihin kowace hanya a ajiye, ya san kusan mutum nawa ne ke ƙin zuwa a jirgin safiyar Litinin, nawa ne a na yammacin Juma'a. Sai ya ƙara wannan adadin a kan kujerun da yake da su, ya sayar. Idan hasashensa ya yi daidai, jirgi ya tashi a cike, ya kuma ci kuɗin kujera guda sau biyu. Idan kowa ya zo, to, akwai mutum goma da suka biya kuɗi babu wurin zamansu.

Dokar Najeriya ba ta hana wannan ba, kamar yadda ba a hana shi a Turai da Amurka ba. Amma ta gindaya sharaɗi: duk wanda ya yi wannan cacar, ranar da ta juye masa, shi zai biya. A nan ne kamfanoninmu suke cin amana. Ranar riba tasu ce su kaɗai. Ranar asara kuwa sai su ɗora ta a kan fasinja.

Wane ne wannan fasinjan? Jama'a, ku dube shi da kyau, domin ɗan'uwanku ne.

Daga Dandamisa ya fito, ko Ikara, ko Kudan. Babu jirgin fasinja a ƙofar gidansa. Sai ya bi ta Tashar Yari, ya hau titin Kano, ya wuce Kwanar Dangora da Kura kafin ya ga filin jirgin Malam Aminu Kano. Idan jirgin safe ne, a Kano ya kwana, ko dai a gidan dangi ko a masauki da kuɗinsa. Ba shi da motar da za ta jira shi a waje, wadda ta kawo shi ta riga ta juya. Wataƙila likita ne ya ba shi rana a Legas, wataƙila kaya ne ke jiransa a tashar jiragen ruwa, wataƙila jirgin Umara zai tarar a wani gari. Wannan mutumin ne ake kallon idonsa a ce masa, “Baba, an rufe, ka makara.”

Ya makara? Shi da ya yi sallar Asuba a harabar filin jirgin?

Wannan furucin ba a banza ake yin sa ba. Wanda ya makara ba ya bin kamfani komai, hasali ma shi za a ci tara kafin a sauya masa tikiti. Wanda aka hana shiga saboda an sayar da kujerarsa kuwa yana bin kamfani diyya, da abinci, da masauki idan dare ya yi, da wani jirgin ko kuɗinsa. Tsakanin waɗannan mutum biyu akwai kuɗi masu yawa, kuma abin da ya raba su mintoci ne a kan agogo. Saboda haka idan jirgi ya cika, hanya mafi arha ga kamfani ita ce a bar layi ya yi tsawo, a buɗe kanta ɗaya maimakon uku, a bar lokaci ya ƙure, sannan a juyo a ce wa na bayan layi laifinsu ne.

Kowa ya san me zai faru a Tashar Yari idan ɗan kamasho ya karɓi kuɗin mutum 19 a mota mai cin 18. Ba zai iya cewa na ƙarshe ya makara ba, domin ’yan tasha suna kallo. Ko ya mayar masa da kuɗinsa nan take, ko ya riƙo jakarsa ya sa shi a mota ta gaba, yana ba shi haƙuri. Me ya sa abin da ɗan kamasho ba zai yi ba, sai kamfani mai manyan ofisoshi da ma'aikata masu kayan sarki ya yi, ya kuma kwana lafiya?

Ku tuna abin da ya faru a Legas ranar 11 ga Yunin 2025. Sanata Adams Oshiomhole, tsohon gwamnan Edo, ya yi sa-in-sa da kamfanin Air Peace a kan jirgin ƙarfe 6:30 na safe zuwa Abuja. Shi ya ce ya riga ya tantance kansa ta intanet amma aka hana shi, ya kuma yi zargin ana hana masu tikiti ana sayar da kujeru da tsada a wurin. Kamfanin ya musanta, ya ce sanatan makara ya yi, ya kuma zarge shi da tare hanyar sauran fasinjoji. Har sai da ministan sufurin jiragen sama, Festus Keyamo, ya ba da umarnin bincike. Ku lura da abin da gardamar ta rataya a kai: ƙarfe nawa mutum ya iso. Idan sanata mai muƙarrabai da ’yan jarida sai da ya sha wannan gardamar, ina ga manomin rake daga Makarfi da ba ya jin Turanci, ba shi da shaida sai bakinsa?

Alhali doka tana nan a rubuce, ba a ɓoye take ba. Sashe na 19 ne na ƙa'idojin sufurin jiragen sama na Najeriya, wanda Hukumar NCAA ta sabunta a 2023. Kowane manajan kamfani a filin jirgin Kano da Kaduna ya san shi.

Abu na farko da sashen ya ce: idan kamfani ya ga fasinja sun fi kujeru, wajibi ne ya fara neman masu sa kai. Wato ya yi sanarwa a fili, ya ce jirgi ya cika, wa zai haƙura da kujerarsa a ba shi kaza? Mai sauri ya tafi, wanda ba ya sauri ya karɓi ladan haƙurinsa, ya bi jirgi na gaba. Ciniki ne, ana iya tayawa, ana iya cewa albarka. Sai idan masu sa kai ba su isa ba ne kamfani ke da damar hana wani shiga ba da son ransa ba.

To, ku faɗa min, jama'a: sau nawa kuka ji an yi wannan sanarwar a filin jirgi a ƙasar nan? Lasifikar da ke kiran sunan babban mutum sau uku don kada jirgi ya bar shi, ita ce ba ta iya cewa “mun sayar fiye da kujerunmu”? Ba a yi ne domin sanarwar ikirari ce. Wanda ya yi ta ya amsa laifi a gaban shaidu, ba zai ƙara iya cewa kowa ya makara ba.

Ko da an kai ga tilas, dokar ba ta ce a zaɓi wanda aka raina ba. Ta ce a fifita masu larurar tafiya, da yaron da ke tafiya shi kaɗai, da iyali mai ƙaramin yaro. Amma a aikace wa ake bari a ƙasa? Tsohuwar da ɗanta ya saya wa tikiti daga nesa, wadda ba ta san ana tantance kai ta waya ba. Mai babbar riga da ’yan rakiya ba ya rasa kujera. Wanda ake bari shi ne wanda aka karanta a fuskarsa cewa ba zai yi magana ba.

Bari mu ɗauki misali, mu bi shi da lissafi. A ce wani ɗan kasuwa daga Dandamisa ya sayi tikitin Kano zuwa Legas, tafiya kawai, a kan naira 150,000. Tikitinsa tabbatacce ne, ya iso kanta kafin lokacin rufewa da aka rubuta masa, takardunsa daidai. Aka ce babu wuri. Me yake bi?

Yana bin diyya. A tafiyar cikin gida kashi 25 cikin 100 ne na kuɗin tikiti, wato naira 37,500. Wannan kuɗin ba ya cikin kuɗin tikitinsa, ƙari ne a kai, kuma ba alfarma ba ne. Za a biya shi hannu da hannu ko ta banki. Ba a isa a manna masa takardar “ka yi tafiya da mu wata rana” a madadin kuɗi ba, sai idan shi ya yarda ya sa hannu.

Bayan diyya, yana da zaɓi, kuma zaɓin nasa ne, ba na manaja ba. Yana iya cewa ya fasa, a mayar masa da naira 150,000 ɗinsa cif, ba a cire ko sisi ba. Idan ya zaɓi haka, naira 187,500 ke nan zai bi. Yana iya cewa a sa shi a jirgi mafi kusa da zai kai shi Legas. Yana kuma iya zaɓar wata ranar da ta yi masa, muddin akwai wuri. A biyun nan na ƙarshe ba a isa a ce ya cika kuɗi ba, ko da tikitin gobe ya fi na yau tsada. Wanda ya karya alkawari ba ya cajin wanda ya karya wa.

Maganar mayar da kuɗi ma an sa mata wa'adi. Wanda ya biya da tsabar kuɗi a tafiyar cikin gida, nan take za a ba shi. Wanda ya biya ta banki ko ta kati, cikin kwana 14. Ina aka samo “sai wata uku”? Ina aka samo “an tura Legas, ana kan dubawa”? Ranar da mutum ya sayi tikiti, kafin ya ajiye waya kuɗin sun fita daga asusunsa. Ranar mayarwa ce hanyar banki ke toshewa?

Sai ɗawainiyar jira. Muddin yana jiran jirgin da za a sa shi, cinsa da shansa a kan kamfani suke, har da damar kiran waya ko aika saƙo kyauta ya sanar da masu jiransa. Idan sai gobe, kamfani ne zai kama masa otal, ya kai shi, ya kuma ɗauko shi. Wannan shi ne haƙƙin da ya fi muhimmanci ga mutumin Ikara da Kudan, kuma shi aka fi dannewa. Mutumin cikin birni ya hau Adaidaita ya koma gida. Namu fa? Ya kama hanyar Zariya da daddare, ko ya shimfiɗa darduma a kan tayil? Wa zai amsa idan wani abu ya same shi a hanya?

Akwai rangwame guda da doka ta yi wa kamfani, gara ku san shi kada a yi muku wasa da shi. Idan aka sa fasinja a wani jirgin da ya isa inda za shi bai wuce awa ɗaya ba daga lokacin asali, kamfani na iya rage diyyar da rabi. A misalinmu, naira 18,750 ke nan. A tafiyar ƙasar waje, awa uku ne iyakar. Lokacin sauka ake dubawa, ba na tashi ba. Wanda ya kamata ya sauka Legas da hantsi aka sauke shi bayan La'asar, diyyarsa cikakkiya ce.

A tafiyar ƙasar waje diyyar kashi 30 cikin 100 ce. Tikitin naira 1,200,000 yana jawo naira 360,000. Idan kuma ba hana mutum aka yi ba, sauko da shi aka yi daga kujerar manya zuwa ta gama-gari, shi ma yana bin bambancin kuɗin da ƙarin diyya a kai.

Kada wani ya ɗauka kowace hanawa ce ke jawo diyya. Wanda da gaske ya zo bayan an rufe kanta, ba ya bin diyya. Haka wanda bizarsa ba ta yi ba, ko fasfonsa ya ƙare, ko sunan da ke tikiti ya saɓa da na katin shaida, ko wanda aka ga lafiyarsa ko halinsa haɗari ne ga jirgi. Wannan adalci ne. Abin da ba adalci ba shi ne a ɗauki mutumin da ya cika kowane sharaɗi a cusa shi cikin waɗannan.

Akwai wata dabarar kuma. Wani lokaci ba a sayar da tikiti fiye da kima ba, jirgin ne aka canja. An yi alkawarin babban jirgi mai cin mutum ɗari da wani abu, ya lalace ko an tura shi wata hanyar da ta fi kuɗi, sai a kawo ƙarami irin Embraer 145 mai kujera 50. Ko a soke jirgin safe a haɗe shi da na rana. Sai ka ji ana cewa “dalilan aiki ne”, kamar wannan furucin yana wanke komai. Ga mai tikiti duk ɗaya ne: ya biya, ya zo a kan lokaci, jirgi ya tashi ba da shi ba. Ƙarancin jiragen kamfani ba bashi ne a wuyan fasinja ba.

Munafuncin ya fi fitowa fili a nan. Fasinja ya makara da minti biyar, sai a buɗe masa littafin ƙa'ida, a karanto masa tarar rashin zuwa, babu sassauci, babu “Allah ya ba ka haƙuri”. Kamfani ya sayar da kujerarsa, sai littafin ya ɓace, a koma maganar haƙuri da zumunci. Dokar ta ce a manna sanarwa a kan kanta, inda kowa zai gani, cewa wanda aka hana shiga ya nemi takardar bayanin haƙƙinsa. Ku duba kanta a tafiyarku ta gaba. Allon kuɗin ƙarin kaya yana nan da manyan baƙaƙe. Ina ɗayan? Kuma a filin jirgin Kano, inda mafi yawan masu tafiya Hausa suke ji, me ya hana a rubuta shi da Hausa?

Tunda gardamar a kan agogo take, to, ku riƙe agogo, jama'a.

Tun daga gida abin ke farawa. Idan ejan ne ya saya maka tikiti, kada ka yarda da lambar ajiyar wuri kaɗai, wato haruffa shida ɗin nan da ake rubuta wa PNR. Wannan lambar tana iya zama riƙon wuri kawai, wanda ke faɗuwa da kansa idan ba a biya ba. Wasu ejan-ejan suna karɓar kuɗin mutum su juya su kwana biyu, su ba shi takardar riƙo, ranar tafiya ya tarar babu sunansa. A nan ba kamfani zai bi ba, ejan zai bi. Ka nemi tikitin kansa, mai lambarsa, da rasit mai nuna nawa aka biya. A tikitin ƙasar waje lambar tana da alƙaluma 13. Kuma ka tabbata lambar wayarka aka sa, ba ta ejan ba, domin saƙon canjin lokaci ya zo maka.

Idan kamfanin yana bari a tantance kai ta waya, ka yi tun ranar jajibiri, ko ka sa ɗanka ya yi maka, ka sami lambar kujera. Wanda ba shi da lambar kujera shi ake fara turewa. Idan katin shigarka ya fito babu lambar kujera, ko ka ga an rubuta SBY ko STANDBY, to, ka san an ajiye ka a jerin masu jiran tsammani ne. Ka tambaya tun a lokacin, kada ka jira ƙofar jirgi.

Da ka shiga layi, ka ɗauki hoton kanka da kantar a bayanka, waya tana rubuta lokaci. Ka tura wa wani ɗan'uwa saƙo cewa ka iso. Wannan ƙaramin abu shi ne ke rushe “ka makara”.

Idan an hana ka, kada ka yi zagi, kada ka taɓa kowa, kada ka tare ƙofa. Wanda ya yi haka ya ba su abin da suke nema, domin daga nan labarin ya tashi daga kujerar da aka sayar ya koma kan fasinja mai tada hankali. Ka nemi manajan kamfanin na filin, ka ce, “Ranka ya daɗe, a rubuta min dalilin hana ni, da lokaci, da sa hannu.” Idan ya ƙi, ka rubuta sunansa da lokacin da kanka, ka karɓi lambar wayar mutum biyu da aka hana tare da kai. Kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba. Wata takardar tana cewa ne kai ka sa kai, kuma wanda ya sa kai abin da aka yi ciniki da shi kawai yake bi, ba diyyar tilas ba.

Daga nan sai teburin jami'an kare haƙƙin fasinja na NCAA, waɗanda ake ajiyewa a filayen jirgi saboda irin wannan ranar. Ka je kafin ka bar filin. Idan ba a warware ba, ka rubuta wa kamfani ƙorafi, ka ajiye kwafi, sannan ka kai ga hukumar, wadda ta buɗe shafin karɓar ƙorafi ta intanet a 2024. Rasit ɗin otal da na abinci da na mota duk ka adana.

Masu tafiya waje su san cewa ba dokarmu kaɗai ke aiki ba. Jirgin da ya taso daga ƙasar Tarayyar Turai, ko na wane kamfani ne, yana ƙarƙashin dokarsu mai lamba 261 ta 2004. Diyyarta ba ta duba kuɗin tikiti, nisa take dubawa: yuro 250, ko 400, ko 600. Tafiya daga Paris ko Frankfurt zuwa Abuja ta wuce kilomita 3,500, saboda haka yuro 600 ne. A Amurka diyyar tana kai ninki huɗu na kuɗin tafiyar, zuwa wata iyaka. Saudiyya ma, inda alhazanmu da masu Umara suka fi zuwa, ta fito da sababbin ƙa'idojin haƙƙin fasinja da suka fara aiki a Nuwamban 2023.

A Amurka ma ba da lallashi kamfanoni ke gyaruwa ba. A ranar 9 ga Afrilun 2017, a Chicago, an jawo wani likita a ƙasa daga cikin jirgin kamfanin United, fuskarsa jina-jina, domin ana son kujeru huɗu a zaunar da ma'aikata. Fasinjoji suka ɗauka a waya, duniya ta gani. Cikin ’yan makonni kamfanin ya sanar da cewa zai riƙa taya mai sa kai har dala 10,000. Ashe kuɗin suna nan. Abin da babu a da shi ne tsoron abin da zai biyo baya.

Wannan ne ya kawo mu ga masu rubuta dokar tamu. Kashi 25 cikin 100 ya yi kaɗan, kuma sun sani. Ku koma kan misalinmu. A ce an hana ɗan kasuwan nan kujerar da ya saya tun makonni a kan naira 150,000, aka ba wanda ya zo da safe ya biya 250,000. Ko da kamfani ya bi doka sau da ƙafa, ya mayar da kuɗi ya biya diyya, naira 187,500 suka fita, 250,000 suka shigo sabo, ban da 150,000 na farko da ya riga ya riƙe. Wato a kan kujera guda ya tashi da 212,500 maimakon 150,000. Tarar da mai laifi ke biya ya ci riba, wa za ta hana? Shi kuwa ɗan kasuwa, naira 37,500 za ta biya masa kuɗin mota daga Dandamisa, da kwanan Kano, da cinikin da ya kuɓuce a Legas?

To, wannan ’yar kaɗan ɗin ma ba a bayarwa sai an yi jan-in-ja.

Hukumar ta nuna tana iya motsi idan ta so. A Disamban 2024 ta sanar da ɗaukar mataki a kan kamfanoni biyar, biyu na waje uku na gida, saboda saɓa wa wannan Sashe na 19, har da ƙin mayar da kuɗi a kan lokaci. Madalla. Amma hukunci sau ɗaya a shekara ba ya gyara abin da ake yi kowace safiya. Kowane kamfani yana da jerin sunayen waɗanda ya sayar wa tikiti da na waɗanda suka hau. Na'ura tana rubuta mintin da aka rufe kanta. Me ya hana hukuma ta karɓi waɗannan takardun kowane wata, ta buga wa jama'a mutum nawa kowane kamfani ya bari a ƙasa, nawa ya biya? Me ya sa nauyin kawo hujja yake kan tsoho mai ƙaramar waya, alhali hujjar tana cikin kwamfutar wanda ake ƙara?

Ku ma, jama'a, kuna da naku. An hana mutum haƙƙinsa, sai ya ce “haka Allah ya so, wataƙila wani sharri aka kare ni”, ya saɓi jakarsa. Babu mai jayayya da ƙaddara. Amma yarda da ƙaddara bai taɓa hana mai bin bashi ya nemi kuɗinsa ba. Mutumin da zai yi wuni guda a kasuwar Makarfi yana jayayya a kan cikon kuɗin buhun masara, shi ne zai bar naira 37,500 a kan kanta saboda yana jin nauyin mai ɗaure da laƙataye? Wannan shirun an sa shi cikin lissafi. Kamfani ya san cikin mutum goma da ya bari, da wuya biyu su rubuta ƙorafi, shi ya sa gobe ma zai sake.

Wasu kuma sun fi shiru muni. Su ne masu zagayawa bayan kanta su miƙa wa wani ma'aikaci na goro a samo musu wuri. Wurin da aka samo ba daga sama ya faɗo ba. Na wani ne da ke tsaye a layi da tikitinsa a hannu. Wanda ya saya da wanda ya sayar, dukansu sun ci haƙƙinsa.

’Yan majalisarmu na tarayya, har da mai wakiltar Makarfi da Kudan da mai wakiltar Ikara da Kubau, suna hawa waɗannan jiragen kusan kowane mako, suna ganin masu zaman dirshan a kan jakunkuna. Majalisa tana da kwamitin sufurin jiragen sama, tana da ikon kiran hukuma da kamfanoni ta tambaye su. A ɗaga diyyar ta kai inda hana mutum zai zama asara ga kamfani. A wajabta biyanta a kan kanta kafin jirgin ya tashi. A rataye allon haƙƙin fasinja da Hausa a filayen jirgin Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato. Wanne ne a cikin ukun nan ya gagara, kuma wa ya hana?